Fayil Ɗin Izinin Gini Ya Kwanta a Gombe: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasiƙar Bibiya

Waɗannan tambayoyi ne da masu fuloti suke yawan kawo mini, musamman idan damina ta kusa kuma siminti na jibge a shago. Aikina zanen gini da shigar da takardun neman izini, kuma shekarun da na yi ina wannan zirga-zirga sun koya mini cewa wasiƙar bibiya tana da aiki ɗaya tak: ta gano maka teburin da fayil ɗinka yake, da abin da yake jira. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Wane ofishi zan rubuta wa? An ce mini GOGIS, wani kuma ya ce GOSUPDA.

Ofisoshi biyu ne, kowanne da aikinsa. GOGIS ita ke riƙe da bayanan filaye da takardun mallaka, wato wa ke da fili, ina iyakarsa, kuma don me aka bayar da shi. GOSUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Gombe, ita ke duba zanen gini ta ce a gina ko kada a gina. Idan abin da kake jira izinin gini ne, wasiƙarka ta tafi inda ka miƙa zanen, zuwa ga shugaban hukumar. Ka dubi muƙaminsa yadda aka rubuta shi a kan wata takarda da ofishin ya taɓa ba ka, ka kwafa shi daidai, kuma ka rubuta muƙami, ban da sunan mutum, domin ana iya sauya mutum kujerar na nan.

Sai dai ofisoshin biyu suna da mahaɗa. Ba a amincewa da zane sai an tabbatar filin naka ne kuma wurin zama ne idan gidan zama za ka yi. Saboda haka yana yiwuwa fayil ɗinka yana hannun masu tsara birane amma abin da yake jira tabbacin mallaka ne daga ɓangaren filaye. Wasiƙa ta farko ce za ta nuna maka haka, ba sai ka rubuta wa kowa lokaci guda ba.

Bayan wane lokaci ya kamata in rubuta?

Ranar da ka miƙa takardu, ka tambayi wanda ya karɓa kwana nawa aiki irin naka yake ɗauka, ka rubuta amsar a bayan rasit ɗinka. Idan wannan wa'adi ya wuce da mako biyu kuma ba a kira ka ba, lokaci ya yi. Idan ba a faɗa maka wa'adi ba, ni ma'aunina shi ne mako shida babu wanda ya zo duba fili, ko mako huɗu bayan an duba fili babu wani labari. Wannan shawarata ce, ba doka ba. Gida mai ɗaki uku a fuloti hamsin da ɗari ba ɗaya yake da bene ko gidan mai ba, waɗancan sukan bi tebura da yawa.

Kada ka rubuta a mako na biyu. Wanda ya fara tunatarwa tun fayil bai bar teburin karɓa ba, wasiƙarsa ta gaba ba za ta yi nauyi ba.

Kullum ina zuwa da ƙafata ana ce mini "dawo jibi". Me wasiƙa za ta ƙara?

Zuwanka goma da baki bai bar sawu ko ɗaya ba. Wanda ka gaisa da shi ranar Litinin yana iya fita duba fili ranar Laraba, wanda ka tarar a madadinsa bai san da maganarka ba. Wasiƙa kuwa ana shigar da ita littafin karɓar wasiƙu, a kai wa shugaba, shi kuma ya yi ɗan rubutu a gefenta ya tura wa daraktan da abin ya shafa. Kafin daraktan ya amsa, dole a nemo fayil ɗin a liƙa wasiƙar a ciki. Wannan nemowar ita ce rabin nasarar, domin fayil da yawa ba wanda ya ƙi su, kawai wasu ne aka ɗora a kansu.

Ba cewa nake ka daina zuwa ba. Ka ci gaba da zuwa, amma yanzu da kwafin wasiƙa mai hatimi a hannu. Akwai bambanci tsakanin "Malam, na zo jin labarin takardata" da "Malam, na kawo wasiƙa ranar Talata, ga hatiminku, ina aka tura ta?" Tambaya ta biyu tana da amsa a cikin littafi.

Me zan tanada kafin in zauna rubutu?

Ka baje takardunka a tabarma ka nemo abu huɗu: lambar fayil, ranar da aka miƙa, rasit ɗin kuɗin da ka biya, da takardar filin da aka shigar da ita. Lambar fayil ita ce sunan aikinka a wurinsu. Masu suna irin naka a littafinsu sun fi a ƙirga, amma lambar ta mutum ɗaya ce. Wanda ba shi da ita ya duba amsar da ke magana kan wanda wakili ya shigar masa.

Sannan ka yi wani ɗan bincike da mutane kan tsallake. Ka jera takardar fili, rasit da shafin farko na zanen, ka karanta sunan da ke kan kowanne harafi da harafi, haka ma lambar fuloti. Idan takardar fili ta ce Muhammad, rasit ya ce Mohammed, zane kuma ya ƙara sunan kaka, to ka riga ka gano abin da mai yiwuwa ya tsayar da kai tun kafin su faɗa. Ka dubi zanen kuma ka ga ko akwai hatimi da sa hannun akitek mai rajista da hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasa, wato ARCON, kuma idan akwai dekin, ko zanen rodi da ginshiƙai yana ɗauke da hatimin injiniya mai rajista da hukumar rajistar injiniyoyi ta ƙasa, wato COREN.

Yaya wasiƙar za ta kasance?

Shafi ɗaya. A sama adireshinka da lambar wayarka da kwanan wata, sai muƙamin shugaban da adireshin hukumar. Kan magana ya ɗauki lambar fayil da lambar fuloti, domin akawun da zai rarraba wasiƙu sau da yawa wannan layin kaɗai yake karantawa. Ga yadda jikinta zai zama, ka cike guraben da naka bayanin:

> Ranka ya daɗe,
>
> BIBIYAR NEMAN IZININ GINI: FAYIL MAI LAMBA ……, FULOTI MAI LAMBA ……, UNGUWAR ……
>
> Na miƙa takardun neman izinin gina gidan zama mai ɗaki uku, ba bene ba, a ranar ……, kuma na biya kuɗin dubawa a ranar …… kamar yadda rasit mai lamba …… ya nuna. Jami'anku sun duba filin a ranar ……. Daga wannan rana zuwa yau mako …… ke nan ban sami wata sanarwa ba.
>
> Ina roƙon a sanar da ni a rubuce matakin da fayil ɗin yake a yanzu. Idan akwai takardar da ta rage, ko gyara a zane, ko kuɗin da ban cika ba, ina roƙon a bayyana mini domin in kawo cikin gaggawa.
>
> Na haɗa kwafin rasit, kwafin takardar fili da kwafin shaidar miƙa takardu. Zan zo ofis ranar …… domin jin inda aka kwana. Na gode.

Dubi sakin layi na biyu da kyau. Bai ce "a taimaka a sa hannu" ba, domin wanda wasiƙar za ta sauka a teburinsa ƙila ba shi ke sa hannu ba, kuma roƙon da mutum ba zai iya biya ba ajiye shi yake yi. Amma "ina fayil yake, me ya rage" kowane jami'i zai iya amsawa da layi ɗaya. Abin da ba ya shiga wasiƙar: labarin yadda siminti ya tashi, maganar bikin da ke tafe, da sunan wani babba da ka sani. Haka nan zargi. Ranar da ka rubuta cewa wani ya ɓoye maka fayil da gangan, wasiƙar ta tashi daga bibiya ta koma ƙorafi, kuma kowa zai koma kare kansa.

Da Hausa zan rubuta ko da Turanci?

Aikin ofisoshin gwamnati a rubuce da Turanci yake tafiya, don haka wadda za a liƙa a fayil ta fi kyau da Turanci. Ka tsara ta da Hausa kamar ta sama, ka kai shagon buga takardu ko wani ɗan'uwa ya juya maka. Amma ka tsaya a kansa ya karanta maka lambobin ɗaya bayan ɗaya. Masu buga takardu suna son ƙawata wasiƙa da dogayen kalmomi, kuma na sha ganin an zuba Turanci mai daɗi an juya lambar fayil. Ka sa hannu da kanka, irin sa hannun da ke kan takardar neman izinin.

Wa zan ba wasiƙar? Ina da wanda na sani a ciki.

Kada ka ba shi. Ka buga kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga maka hatimin karɓa a kan ɗayar, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wannan kwafin shi ne dukiyarka. Ka ɗauke shi a hoto da waya tun kana bakin ƙofa. Wasiƙar da ka ba sananne a farfajiya, ko da niyyarsa alheri ce, tana iya kwana a aljihun babbar riga har a kai wanki.

Sanannen naka yana da amfani bayan nan: shi zai iya leƙa littafi ya gaya maka an tura ta teburin wane. Kuma takardun da za ka haɗa duk fotokwafi ne. Asalin rasit da asalin takardar fili su zauna a gida, sai dai a nuna a dawo da su.

Me ya fi yawan kwantar da fayil?

Fayil yakan bi hanya kamar haka: karɓa da ba shi lamba, lissafin kuɗi da biya, tabbatar da mallaka, zuwa duba fili, duba zane daga masu tsara gari da akitek da injiniya, sannan sa hannun ƙarshe da buga hatimi a kan zanen. A kowane mataki, idan jami'i ya ga matsala yakan rubuta ta a cikin fayil, amma ba lalle labarin ya iso gare ka ba, musamman idan lambar wayar da ke ciki ba taka ba ce. Matsalolin da na fi gani su ne saɓanin suna tsakanin takardu, ginin da ya matse iyaka bai bar tazara daga titi ko maƙwabci ba, zanen da ya nuna shaguna a filin da aka bayar don gidan zama, da fulotin da girmansa a ƙasa bai yi daidai da na takardar safiyo ba. A Gombe akwai ƙarin abu guda: kwari. Gari ne mai fama da zaizayar ƙasa, kuma fili idan ya kusanci bakin kwari ko hanyar ruwa, duba shi yakan ɗauki lokaci, kuma da gaskiyarsu. Haka filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta.

Ga misali daga gida. Wani ƙanin mahaifiyata ya sayi fuloti a wajen Tumfure, ya ba wani yaro mai bin takardu ya shigar masa. Wata huɗu shiru, har kawu ya fara cewa ai sai mai uwa a gindin murhu. Na ce, "Kawu, kawo takardun mu gani." Muka baje su a zaure. Takardar filin tana ɗauke da sunan mutumin da ya sayar masa, rasit da zane kuma sunan kawu. Takardar cinikin da za ta haɗa sunayen biyu, mai sa hannun shaidu da mai unguwa, tana cikin akwatinsa a leda, ba a taɓa shigar da kwafinta ba. Muka rubuta wasiƙa irin ta sama muka kai. Da muka koma ranar da muka ambata, aka buɗe fayil aka nuna mana rubutu da jan biro tun watan farko, cewa mai nema ya kawo shaidar yadda filin ya koma hannunsa. An kuma kira lambar da ke cikin fayil, ta yaron ce, shi kuwa ya canza layi.

Wasiƙar ba ta fitar da izini ba, kuma ba ta gajarta aikin sauya suna a ɓangaren filaye ba, wanda shi ma ya ci nasa lokacin. Abin da ta yi shi ne ta mayar da wata huɗu na zargi zuwa aiki guda da kawu ya san yadda zai yi. Tun daga nan nake sa wa a ƙarshen kowace wasiƙa, "a tuntuɓe ni a wannan lamba, ba wadda ke cikin fayil ba."

Wakili ne ya shigar mini, ba ni da lambar fayil ko rasit. Ya zan yi?

Ka fara da wakilin, ba da ofis ba. Ka nemi ya ba ka lambar fayil da kwafin rasit, ka sa masa rana. Wanda ya shigar da gaske zai turo maka hotonsu kafin la'asar. Idan ya fara "ai suna wurin oga", ko ya kawo takardar biyan kuɗi da ba ta da sunan asusun gwamnati, ka shirya jin cewa ƙila ba a taɓa buɗe fayil ba.

A wannan hali wasiƙarka za ta canza fuska. Maimakon bibiya, za ka nemi a tabbatar maka ko akwai fayil da aka buɗe da sunanka a kan fuloti kaza, ka haɗa kwafin takardar fili da katin shaidarka. Kada ka rubuta cewa ka biya kuɗi alhali ba ka da rasit. Ka ce ka ba wakili ya shigar a wata kaza, iyakar abin da ka sani ke nan.

An ce ba a ga fayil ɗina ba.

"Ba a gani ba" yawanci yana nufin ba ya kan kantar da aka duba. Fayil idan ya fita daga ɗaki zuwa ɗaki ana rubuta fitarsa, don haka ka roƙi a duba rana ta ƙarshe da ya motsa da wanda ya karɓa. Idan an yi haka har sau biyu babu, ka rubuta ka nemi a buɗe fayil na wucin gadi, ka ce kana da kwafin komai kuma a shirye kake ka sake kawo zanen. A nan rasit ɗinka yake ceton ka daga biya sau biyu, shi ya sa na ce asalinsa ya zauna a gida. Sake buga zane kuɗi ne, amma bai kai asarar wata biyu na jira ba.

Wani ya ce doka ta ba su wata uku kacal. In sa wannan a wasiƙar?

Maganar tana da tushe. Dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa, wadda aka yi a 1992, ta ce jinkirta amincewa kada ya wuce wata uku, kuma a sanar da mai nema hukunci a rubuce. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan abin da zai yi maka aiki a Gombe dokar jihar ce da ƙa'idojin hukumar. Idan ka jefa sashen dokar tarayya a wasiƙa ka yi kuskure, ka ba da ƙofar a amsa maka kuskuren a bar tambayarka.

A wasiƙar farko ba na sa doka ko kaɗan. Ba ka san ko laifin daga ɓangarenka yake ba, kamar na kawu. Idan abu ya kai ga ambaton doka, lauya ne zai rubuta, bayan an bi matakan da zan kawo a ƙasa kan wasiƙar da aka kai ba a amsa ba.

Tunda sun yi shiru, zan iya fara haƙa harsashi?

A'a. Shiru ba izini ba ne, rasit ma ba izini ba ne, kuma wasiƙar bibiya mai hatimi shaida ce kawai ta cewa ka tambaya. Izini shi ne zanenka da aka buga wa hatimin amincewa tare da takardarsa. Wanda ya fara gini kafin nan yana iya wayar gari ya ga jan fenti a bango da takardar dakatar da aiki, sai tara ta biyo baya, wani lokaci har rusau. Abin da ya fi ciwo shi ne idan gyaran da ake jira na tazara ne: an ce ka ja gini baya da mita ɗaya, kai kuwa ka riga ka kai lintal.

Abin da za ka iya yi kana jira shi ne buga bulo, tara yashi da tsakuwa, da tabbatar da duwatsun safiyo suna nan a kusurwoyi huɗu. Katanga ma ka tambaya kafin ka ɗora, domin ita ma gini ce.

Na kai wasiƙa, mako uku babu amsa. Sai me?

Da farko ka je ranar da ka ce za ka je. Mutane da yawa suna rubuta rana su kasa zuwa, alhali amsar farko sau da yawa da baki ake bayar da ita, a buɗe fayil a nuna maka. Idan an faɗa maka abin da ya rage, ka kawo shi da 'yar gajerar wasiƙa mai cewa ga abin da aka nema, ita ma a buga mata hatimi.

Idan babu amsa ko ta baki, sai wasiƙa ta biyu. Ta fi ta farko gajarta: ta ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ta haɗa kwafinta mai hatimi, ta maimaita tambayar nan guda, cikin ladabi iri ɗaya. Ta uku ce za ka aika da kwafinta ga ma'aikatar da ke kula da hukumar, ka kuma rubuta a ƙasan wasiƙar cewa ka yi haka, kada su ji daga sama. Bayan wannan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ke da ofishi a kowace jiha kuma ba a biyan kuɗi kafin ta saurare ka. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka nemi ofishin da kansa tukuna, kuma kwafi uku masu hatimi su ne amsarka.

Wani ya ce in kawo "na mai" a zo duba fili, ko in ba da wani abu fayil ya motsa.

Ka tambaye shi cikin fara'a, "Malam, akwai rasit?" Kuɗin da hukuma ta sa yana da takardar lissafi, ana biyansa a asusun gwamnati, kuma yana da shaida. Wanda ba shi da waɗannan ba zai gyara saɓanin suna ba, ba zai ƙara tazara a zane ba, kuma sau da yawa mai neman sa ba ma'aikacin wurin ba ne, cikin masu zaman bakin ƙofa ne. Idan abin da ya tsaya zuwa duba fili ne, ka sa layi ɗaya a wasiƙarka: kana roƙon a sa maka ranar dubawa, kuma za ka kasance a wurin ka nuna iyakoki. Ranar ka je da wuri da kwafin takardar safiyo, ka sa a share ciyawar da ta rufe duwatsun, domin jami'in da ya zo bai ga dutse ba zai rubuta cewa ba a gane fulotin ba, sai an sake sa wata ranar.